Kuskuren Bugu da Sauya Magana: Inda Mai Duba Rubutu Yake Dakatawa

Idan aka buga “Malumfahsi” a maimakon Malumfashi, babu abin tambaya. Harufa biyu ne suka yi musayar wuri, gyaran kuma ɗaya ne tak. Haka idan aka rubuta “kasar noma” ba lanƙwasa, jimlar da kanta ta nuna ƙasa ake nufi. Irin wannan mai duba rubutu yakan gyara ya wuce.

Amma a ce labari ya ambaci wata takardar gona da aka rubuta “a Dayi, Jihar Kaduna”. Hannu zai yi saurin mayar da ita Katsina, tunda garin yana ƙaramar hukumar Malumfashi ne. Sai dai ranar 23 ga Satumba, 1987 aka cire Jihar Katsina daga Kaduna. In takardar ta 1980 ce, marubucin ya yi daidai, gyaran ne zai zama ƙarya. A nan sai a rubuta tambaya a gefe: “Wace shekara aka yi takardar?”

Alƙaluma ma haka suke. Idan sakin layi ya ce gonar eka 2 ce, jadawali kuma ya ce hekta 2, ɗaya kuskure ne, domin hekta ta kusa eka biyu da rabi. Shafin bai nuna wanne ba.

Ma'aunin shi ne: in gyaran zai taɓa suna, shekara, adadi ko ma'ana, kuma amsar ba ta cikin shafin, marubuci ake tambaya.