Oferon na lac: Yadda Bakteriya Ke Kunna Ƙwayoyin Gado da Kashe Su

Bakteriyar E. coli, wadda ke zaune a hanjin mutum, tana iya cin laktos, wato sukarin da ke cikin madara. Amma ba kullum take samunsa ba, ƙera furotin kuwa yana cin ƙarfi. Don haka kayan aikin narka laktos a rufe suke har sai sukarin ya zo. François Jacob da Jacques Monod na Cibiyar Pasteur da ke Paris ne suka bayyana wannan tsari a 1961, suka kuma sami kyautar Nobel a 1965 tare da André Lwoff.

Ƙwayoyin gado uku ne a jere a kan DNA, ana karanta su tare a tafi ɗaya. Irin wannan jeri shi ake kira oferon. Ta farko, lacZ, tana samar da enzayim mai raba laktos gida biyu, gulukos da galaktos. Ta biyu, lacY, tana samar da furotin da ke zama a tantanin da ya lulluɓe ƙwayar yana shigo da laktos ciki. Ta uku, lacA, ba ta da wani babban tasiri a wannan labari.

```
lacI--CAP--P--O--lacZ--lacY--lacA

Babu laktos:  P-[R a kan O]   an tare hanya
Akwai laktos: P--O==========> mRNA
```

A zanen, P ita ce furomota, wurin da enzayim mai kwafar DNA, wato folimares, ke sauka ya fara aiki. O ita ce ofareta, ɗan gajeren yanki da ke manne da furomota. R kuma rifiresa ce, furotin da ƙwayar gado ta lacI ke ƙerawa ba dare ba rana, kodayake kaɗan ne ƙwarai, kamar guda goma a ƙwaya ɗaya. Idan babu laktos, rifiresa tana kama ofareta, folimares ya kasa fara kwafa. Idan laktos ya shigo, enzayim ɗin lacZ yana juya kaɗan daga cikinsa zuwa alolaktos. Shi alolaktos ɗin ne ke maƙalewa a jikin rifiresa ya sauya mata siffa, ta saki ofareta. Daga nan sai a kwafi ƙwayoyin gadon uku cikin mRNA guda, yawan enzayim ya ninka kusan sau 1,000.

A nan mai lura zai tsaya ya yi tambaya. Idan an rufe lacY da lacZ, wa ya shigo da laktos na farko, wa kuma ya mayar da shi alolaktos? Amsar ita ce rufewar ba ta cika ba. Jefi-jefi rifiresa takan saki ofareta na ɗan lokaci, a yi kwafi ɗaya ko biyu, saboda haka kullum akwai 'yan furotin ƙalilan a ajiye. A ganina wannan yoyo shi ne ginshiƙin tsarin, domin da an toshe ƙam, da ƙwayar ba za ta taɓa sanin laktos ya zo ba.

Sai dai laktos kaɗai bai isa ba. A zuba gulukos da laktos tare a kwalba ɗaya, a sa E. coli. Za ta fara da gulukos, ta hayayyafa da sauri, ta bar laktos. Gulukos na ƙarewa sai girma ya tsaya na ɗan lokaci, sannan ya sake tashi. Monod ya ga wannan girma mai hawa biyu tun kafin a san dalilinsa. Dalilan biyu ne. Muddin gulukos na shigowa, ana danne furotin ɗin lacY, laktos bai cika samun shiga ba. Furomotar kuma mai rauni ce, sai furotin CAP ya haɗu da sinadarin cAMP sun zauna kusa da ita kafin folimares ya kama da kyau, kuma cAMP yana ƙaruwa ne idan gulukos ya yi ƙaranci. Tsayawar nan ta tsakiya lokaci ne na ƙera sababbin enzayim.

Tsarin yana lalacewa, kuma ta wurin lalacewar aka gano shi. Wata ƙwayar takan yi ta ƙera enzayim ko babu laktos. Ko dai lacI ta lalace, babu rifiresa mai aiki, ko kuma ofareta ta sauya, rifiresa ba ta iya kama ta. Ana bambancewa ta hanyar shigar da lafiyayyen kwafin oferon da lacI cikin ƙwayar. Idan laifin na lacI ne, komai ya daidaita, domin rifiresa furotin ce mai yawo, tana kaiwa ga kowace ofareta. Idan na ofareta ne, ba a sami gyara ba, domin ofareta ba ta iko sai da ƙwayoyin gadon da ke kan zaren DNA ɗinta. A ɗakin gwaji ana ganin sakamakon da ido: a sa sinadarin X-gal a farantin da ake renon bakteriya, duk gungun da enzayim ɗin lacZ ke aiki a cikinsa sai ya koma shuɗi, sauran su zauna fari.