Yadda Za Ka Naɗa Wakili a Kan Akwatin Imel Ɗinka

Na san wani Alhaji da ke harkar riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau ta Kano. Masu sayen kayansa suna ƙasashen waje, kuma duk wata magana ta farashi, da takardun biya, da ranar da kaya za su bar tasha, ta imel take zuwa. Shi kuwa Alhaji ba mai zama gaban kwamfuta ba ne, yini yake tsakanin sito da wajen awo. Sai ya ɗauki wani matashi ya riƙa duba masa saƙonni. Ranar farko ya yago takarda, ya rubuta kalmar sirrinsa, ya miƙa masa ya ce, "Ungo, ka riƙa dubawa safe da yamma."

Yaron mai amana ne, kuma har yau bai ci amanar ba. Amma da na zauna da Alhaji na lissafa masa abin da ke cikin wannan 'yar takardar, sai da ya gyara zama. A ganinsa makullin akwatin wasiƙa ya bayar. Alhali kalmar sirrin Gmail ita ce ta asusun Google gaba ɗaya. Mai riƙe da ita zai buɗe hotunan iyali da wayar Alhaji take ajiyewa a Google Photos, da takardun da ke Google Drive, da lambobin duk mutanen da ke wayarsa, da kalmomin sirrin wasu shafuka da ya taɓa cewa a adana masa. Zai iya neman inda wayar take a taswira, har ya ba da umarni daga nesa a goge duk abin da ke cikinta. Zai kuma iya sauya kalmar sirrin da lambar wayar da ake dawo da asusu da ita, mai gida ya wayi gari a waje. Ko da ba a kai ga haka ba, akwai wata matsala ta yau da kullum: idan aka aika wa mai saye farashin da bai dace ba, ba yadda za a gane wa ya rubuta, domin a wurin Google mutum ɗaya ne ya shiga.

Alhaji ya ce, "To ya zan yi, malam? Ni ba zan iya zaman karatun nan ba."

Ba sai ya zauna ba. Gmail yana da tsarin wakilci, kuma kyauta ne. Yadda yake aiki shi ne, mataimakin zai shiga da nasa adireshin da tasa kalmar sirrin, sannan daga cikin nasa asusun a buɗe masa ƙofa zuwa akwatin mai gidansa. Zai karanta saƙo, ya amsa, ya aika sabo, ya goge. Ba zai iya sauya kalmar sirrin mai gida ba, ba zai yi hira da mutane da sunansa ba, kuma hotuna da takardun Drive ba su cikin abin da aka ba shi. Bahaushe ya san wakili tun kafin zuwan kwamfuta: ana tura shi ɗaurin aure ko ciniki ya yi magana da yawun wanda ya aiko shi, kowa ya san wakili ne, kuma ranar da aka ce ya dawo, aikensa ya ƙare.

Ga yadda muka yi a ofishin Alhaji. Sai an hau kwamfuta, domin manhajar Gmail ta waya ba ta da wurin naɗa wakili. Alhaji da kansa ya shiga asusunsa, muka danna alamar saiti da ke sama ta dama, muka zaɓi `See all settings`, sannan muka shiga shafin `Accounts and Import`. A ƙasa akwai sashen `Grant access to your account`, a nan muka danna `Add another account`, muka rubuta adireshin yaron, sannan `Next Step`, sai `Send email to grant access`. Google kan tsayar da mutum a nan ya tabbatar mai asusun ne da kansa, saboda haka a ajiye waya kusa.

Daga nan aiki ya koma wajen yaron. Saƙon gayyata zai shigo akwatinsa, dole ya buɗe ya amince, kuma gayyatar mako guda take yi ta mutu, sai an sake aikawa. Bayan ya amince ma ƙofar ba lallai ta buɗe nan take ba, tana iya ɗaukar har awa 24. Mu da muka gwada bayan la'asar ba mu ga komai ba, Alhaji har ya fara cewa abin bai yi ba. Washegari da safe yaron ya danna hotonsa da ke kusurwar sama ta dama, sai ga sunan Alhaji a jerin, da kalmar `Delegated` a gefensa. Yana dannawa akwatin ya buɗe a sabon shafi, ba wanda ya tambaye shi kalmar sirri.

Idan gayyata ta ƙi tafiya tun farko, yawanci adireshin ne. Asusun Gmail na kowa da kowa yana naɗa wakili ne daga masu adireshin Gmail, har mutum 10. Wanda adireshinsa na wurin aiki ne a ƙarƙashin Google Workspace, sai mai kula da tsarin ma'aikatar ya kunna damar kafin sashen ya bayyana masa, kuma a al'ada abokin aiki na cikin ma'aikatar kaɗai zai naɗa.

A wannan sashen na saiti akwai wasu zaɓuɓɓuka biyu da mutane ke tsallakewa, kuma a wurina su ne zuciyar lamarin. Na farko ya shafi abin da mai karɓar saƙo zai gani. Ana iya barin adireshin mai gida tare da bayanin `sent by` da adireshin wakili, ana kuma iya ɓoye wakilin a nuna na mai gida kaɗai. Alhaji ya so a ɓoye, wai kada Turawa su ce ba shi ke magana ba. Na ce masa, "Alhaji, ranar da aka yi gardama a kan wa ya amince da farashi, wannan ɗan layin ne shaidarka, kuma shi ne shaidar yaron nan." Duk wanda ya yi hulɗa da manyan ofisoshi ya saba ganin sakatare ya aika wasiƙa a madadin shugaba, ba wanda ke ɗaukar haka raini. Ya yarda aka bar shi.

Na biyu shi ne ko saƙon da wakili ya buɗe zai koma wanda aka karanta, ko zai ci gaba da zama sabo a idon mai gida. Idan mai gida yana leƙa akwatin a wayarsa, gara a bar saƙon a matsayin sabo. In ba haka ba, wasiƙa mai muhimmanci za ta shigo, yaro ya buɗe ya ce bari Alhaji ya gani, Alhaji kuma ya ga ba sabon abu ya wuce, kowa yana zaton ɗayan ya ji da ita.

Sai dai kada a ɗauka wakilci ya toshe kowace kafa. Wakili yana ganin akwatin ne gaba ɗaya, tun daga saƙon farko da aka taɓa aikowa shekaru da suka wuce. A Gmail ba a iya cewa ya ga wasiƙun kasuwa kawai, ya bar na asibiti ko na iyali. Mafi haɗari kuma, akwatin imel shi ne inda sauran shafuka ke aiko hanyar sabunta kalmar sirri. Mutum zai je Facebook ko wani shafin ciniki ya ce ya manta kalmar sirrin Alhaji, shafin ya turo mahaɗin sabuntawa cikin akwatin, wakili ya buɗe, ya sauya, ya goge saƙon. Bai taɓa kalmar sirrin Gmail ba, amma ya shiga wani gidan ta taga. Haka nan sanarwar kuɗi da banki ke turowa, duk yana gani. Maganin da muka yi shi ne raba gida biyu: tsohon adireshin da masu saye suka sani ya zama na kasuwa zalla, aka buɗe wa Alhaji wani sabo aka mayar da banki da shafukan sada zumunta can, inda ba wakili. Aikin ya ci mana kusan yini guda, kuma shi ne mafi wahala a cikin duka.

Gogewa ma abin lura ce. Abin da wakili ya goge yana zama a `Trash` kwana 30 kafin ya ɓace, don haka kuskuren hannu yana da magani idan an farga da wuri. Amma wakili na iya shiga can ɗin ma ya share. Saboda haka Alhaji ya kafa wa yaron doka: kada ya goge komai, abin da aka gama da shi ya danna `Archive`, ya bar gaban akwati amma yana nan idan an nema.

Ma'aikatun da ke amfani da Outlook na Microsoft sun fi rarrabe izinin. `Full Access` na buɗe akwati ne da karantawa, ba ya ba da damar aikawa. `Send on Behalf` yana nuna wane ya aika a madadin wane. `Send As` kuwa saƙo yake fitarwa tamkar mai akwatin ne ya rubuta, don haka kafin ka ce a ba wani shi, ka tabbata za ka iya ɗaukar duk abin da ya rubuta da sunanka. Galibi mai kula da kwamfutocin ma'aikata ne ke saita waɗannan.

Saura batun 'yar takardar nan. Naɗa wakili bai soke kalmar sirrin da aka riga aka bayar ba, sai an sauya ta. Mun sauya, sannan muka shiga sashen `Security` na asusun Google muka duba jerin na'urorin da ke ciki. Mun tarar da wayar yaron, da wata kwamfutar shagon buga takardu da ya taɓa shiga ya fitar da rasit ya manta bai fita ba. Duk muka fitar da su. Muka tabbatar lambar dawo da asusu ta Alhaji ce, muka duba `Forwarding and POP/IMAP` da `Filters and Blocked Addresses` ko an saita tura saƙonni wani wuri, sannan muka kunna `2-Step Verification`. Da can Alhaji ya ƙi kunna shi saboda kullum yaron sai ya kira shi yana neman lambar da aka turo. Yanzu yaron da nasa asusun yake shiga, sai dai shi ma an sa shi ya kunna nasa, tunda duk wanda ya sace asusun wakili ya samu hanyar akwatin mai gida.

Ranar da aiki ya ƙare tsakaninsu, ko da lami lafiya aka rabu, Alhaji zai koma `Grant access to your account` ya danna `Delete` a gefen sunan yaron. Kada ya dogara da sauya kalmar sirri, domin wakili ba da ita yake shiga ba, sunansa ne ke cikin jerin. Wannan ne ma ya sa na ce masa ya riƙa leƙa jerin lokaci zuwa lokaci. Ɓarawon da ya taɓa samun shiga asusun mutum yana iya naɗa kansa wakili kafin a kore shi, ya ci gaba da karanta wasiƙu a ɓoye. Idan ka ga adireshin da ba kai ka sa ba, ka cire shi a take, ka sauya kalmar sirri, ka sake bin sashen `Security` daga farko.