Firinta mai tanki ko mai katirij: kafin ka biya, fitar da kuɗin shafi ɗaya

Wanda ya tashi buɗe shagon buga takardu, wato bizines santa, abin da ya fi damunsa idan ya je kasuwa shi ne farashin firinta. Zai ga wata 'yar ƙaramar HP DeskJet ana sayar da ita da araha, a gefenta kuma ga Epson mai tanki da ta ninka ta kuɗi sau biyu ko uku. Duka biyun suna buga baƙi da kala, suna sikanin, suna kwafi. Sai ya ɗauki mai arahar, ya ce ragowar kuɗin ya sayi takarda da kujeru. A nan ake yin asarar farko, domin kuɗin firinta sau ɗaya ake biya, na tawada kuwa kullum ne muddin shago yana buɗe.

Bambancin yana cikin yadda kowacce take shan tawada. Mai katirij tana da ɗan akwatin roba da ake sakawa, an rufe tawadar a ciki, kuma a ƙananan DeskJet bakin da ke fesa tawadar a jikin akwatin yake. Idan ta ƙare sai a jefar a sayi sabo. Katirij ɗin HP 305 na baƙi, wanda DeskJet 2320 da 2720 ke amfani da shi, kamfanin ya ce yana buga shafi kusan 120, na kala kuma shafi 100. Babbansa, 305XL, yana kai wa shafi 240 a baƙi. Mai tanki kuwa tana da tankuna huɗu a jikinta, ana ɗura musu tawada daga kwalba. Kwalbar Epson 103, wadda L3210 da L3250 ke sha, mililita 65 ce, baƙar tana buga shafi kusan 4,500, sauran launuka ukun tare kuma shafi 7,500. Canon G3411 da kwalbarta GI-490 tana kai wa shafi 6,000 a baƙi.

Lissafin ba shi da wuya: ka raba kuɗin katirij ko kwalba da yawan shafukan da aka rubuta a jikin kwalinsa. Farashi a kasuwa yana canzawa da canjin dala, don haka mu ƙaddara wasu alƙaluma, mai karatu ya maye gurbinsu da na garinsu. A ce katirij ɗin baƙi naira 15,000 ne. Idan aka raba da 120, kowane shafi ya sha tawadar naira 125, ba a sa kuɗin takarda ba, ba a sa man janareta ba. A ce kwalbar baƙi naira 12,000 ce. Idan aka raba da 4,500, shafi bai cika naira 3 ba.

Yanzu a ce mai katirij naira 90,000 take, mai tanki naira 250,000. Tazarar naira 160,000 ce, kuma ita ce ke tsorata mai saye. Amma kowane shafi da mai tanki ta buga ta rage maka kusan naira 122. Shagon da ke buga shafi 50 a rana, kwana 26 a wata, yana fitar da shafi 1,300. A mai katirij wannan zai ci katirij 11, kusan naira 165,000. A mai tanki ko kashi ɗaya cikin uku na kwalba bai kai ba. Wata ɗaya kacal, tazarar ta goge. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, idan makwabtanka suna buga shafi a ƙasa da naira 125, to duk takardar da ka miƙa wa mai ita, ka haɗa masa da kuɗin aljihunka.

Sai dai kada a ɗauki adadin da ke jikin kwali kamar yankan wuƙa. Kamfanonin suna auna shi ne da wasu shafuka biyar na gwaji da ake ta bugawa a jere. Aikin shago ba haka yake ba. Takardar JAMB tana da hoto da tambari, furojet ɗin ɗalibai cike yake da rubutu da jadawali, ga katin gayyata, ga fasfo da ke shan tawada daga gefe zuwa gefe. Shi ya sa nake ba da shawarar a raba adadin kwali gida biyu kafin a yi lissafi. Hakan ba ya sauya wadda ta yi nasara, tunda duka biyun ragin ya shafa, amma zai hana ka yanka farashin da zai karya ka. A wajen kala ma mai katirij ta fi cuta: launuka ukun a akwati ɗaya suke, idan shuɗi ya ƙare sai ka zubar da sauran ja da rawaya.

Mai tanki ita ma tana da nata halin, kuma masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Bakin fesa tawadarta a jikin na'urar yake, don haka idan ta yi kwanaki ba a buga komai ba, musamman lokacin hunturu da ƙura ko tsananin zafin bazara, tawadar kan bushe a ƙananan ƙofofinsa. Alamar ita ce farin layi-layi a cikin rubutu ko launi ɗaya ya ɓace. A nan sai a buga Nozzle Check a ga inda ya toshe, sannan a yi Head Cleaning. Kada a yawaita shi, domin tawadar da aka wanke tana taruwa a wani soso da ke ƙasan na'urar, idan lissafinsa ya cika firintar za ta ƙi aiki sai an kai wa mai gyara. Maganin mai sauƙi ne: a buga ko shafi ɗaya mai kala kowane kwana biyu ko uku, a rufe ta da ƙyalle idan an tashi, kada kuma a bar tawada ta sauka ƙasa da layin da ke jikin tanki, don kada iska ta shiga bututun. Tawadar da ake aunawa a kwalabe marasa suna ita ce ta fi kashe bakin fesawa, kuma ragin da ake samu a kanta bai taka kara ya karya ba, tunda ta asalin ma shafinta bai kai naira 3 ba.

Akwai kuma sauri. L3210 tana fitar da shafi kamar 10 a minti a baƙi, 5 a kala. Ranar da layi ya yi tsawo za ka ji a jikinka. Sannan tawadar 103 ruwa yana ɓata ta, yatsa mai gumi ma yana iya goge rubutu. Nan ne firinta mai leza take da gurbi. Ita ma katirij take sha, amma na hodar tona: HP 85A na LaserJet P1102 yana buga shafi kusan 1,600, na'urar tana yin 18 a minti, rubutunta ba ya tsoron ruwa, kuma ba ta bushewa ko ta yi wata a ajiye. Matsalarta wuta: tana jan wat ɗari uku da wani abu lokacin bugu, mai tanki kuwa ba ta kai wat 20 ba. Mai dogaro da sola da ƙaramar inbata ya sa wannan a lissafi.

Idan jarinka na firinta ɗaya ne, ɗauki mai tanki, domin za ta yi maka baƙi da kala da fasfo. Idan aiki ya buɗe kuma yawancinsa rubutu ne baƙi, ƙara mai leza ka bar wa mai tanki aikin kala. Ƙaramar mai katirij ɗin tawada kuwa ta gida ce, ta mai buga wasiƙa jefi-jefi, ba ta shago ba ce. Kafin ka biya kowacce, ka tambayi lambar tawadarta, ka tabbatar ana samunta a garinku, kuma akwai mai gyaran da ya san ta.