Sifili ɗaya ya ƙaru, saƙo kuma ya riga ya tafi

A ɗauka ma'ajin wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ya aika wa mambobi 80 imel cewa kuɗin taron shekara naira 150,000 ne, alhali 15,000 aka tsayar. In da Gmail yake aiki kuma ya farga nan take, maɓallin Undo na fitowa a ƙasan allo, amma wa'adinsa daƙiƙa 5 ne, sai in an ƙara shi tun farko, iyakarsa kuma daƙiƙa 30. Outlook na da Recall This Message, sai dai ba ya ƙetare tsarin imel na ma'aikata ɗaya. Saƙon da ya shiga akwatin wani a Yahoo ya zauna ke nan.

Abin da ya rage shi ne saƙon gyara, kuma a ganina kansa ya fi cikinsa nauyi. Mutane da yawa a waya suke duba imel, kan saƙo kawai suke gani su wuce. In ma'aji ya rubuta "A yi haƙuri" a kai, bai faɗi komai ba. Gara ya rubuta "GYARA: kuɗin taro naira 15,000 ne". Ya buɗe saƙon farko ya danna Reply All. Amma a kula: in a Bcc aka sa mutanen, a sake duba sunayensu ɗaya bayan ɗaya kafin a tura, domin sukan faɗi.

Cikin saƙon layi uku sun isa: "Assalamu alaikum, 'yan uwa. A saƙon da na aiko ɗazu na rubuta 150,000, daidai shi ne naira dubu goma sha biyar, 15,000. Rana da wurin taro suna nan yadda suke. Wanda ya riga ya biya ya tuntuɓe ni a mayar masa da rarar. A gafarce ni." Faɗin abin da bai canza ba yana hana a yi ta bugo waya ana tambaya. Dogon bayani kan yadda hannu ya kuɓuce kuwa binne adadin yake yi.

Fayil ɗin da ba shi ba ya fi wuya. In tsohon jadawali ne aka liƙa, a sa wa sabon suna daban mai kwanan wata, a buɗe shi a duba kafin a tura. In kuwa takardar albashi ce ko lambobin asusun mutane, kada a sake liƙa ta ko bayyana abin da ke ciki. A roƙi a goge ta, kada a tura gaba, sannan a sanar da shugaban ofis nan da nan. Dokar kare bayanan mutane ta Najeriya ta 2023 ta ba ma'aikata awa 72 ta sanar da hukumar NDPC, muddin ɓallewar bayanan za ta iya cutar da masu su.