Tabon da jariri ke zuwa da shi: wanne za a bari, wanne za a kai wa likita?

Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda data ba ta bari suka saurara ba.

Maganar yau daga gidanmu ta taso. Yayata da ke Gyaɗi-Gyaɗi ta haifi 'ya mace, sai ga tabo biyu a jikinta. Ɗaya faffaɗa ne, shuɗi-shuɗi mai ruwan toka, a ƙasan bayanta har kan ɗuwawu. Ɗayan kuma ranar suna ma ba wanda ya gan shi. Sai a sati na biyu ya fito a fatar idonta ta sama, ɗan ja kamar cizon sauro. Duk hankalin gida ya tafi kan babban, har ana tambayar ko an matse ta ne wajen haihuwa. Ƙaramin kuwa Hajiya ta ce tawadar Allah ce, a bar ta. To wallahi juye abin yake: babban ba komai ba ne, ƙaramin ne ya kai mu asibiti.

Bari in fara da shuɗin, don maganarsa gajeriya ce. Ƙwayoyin da ke ba fata launi ne wasunsu suka tsaya a can cikin fata tun jariri yana ciki, ba su ƙaraso sama ba, shi ya sa kake hango su shuɗi. Yawancin jariran baƙar fata da na Asiya suna zuwa da shi. A shafe yake, in ka bi da yatsa ba tudu, ba ya ciwo, kuma ba ya sauya launi cikin 'yan kwanaki yadda taruwar jini ke yi in an bugu. Yakan dushe da kansa, galibi kafin yaro ya shiga firamare. Ba ya bukatar magani, kuma gasa shi da ruwan zafi ba ya kawar da shi. Abin yi kawai shi ne a nuna wa nas ta rubuta a kati, kada gobe wani ya gani ya ce dukan yaron ake yi. Amma in irin wannan shuɗin a fuska yake, kewaye da ido, wannan daban ne: ba ya tafiya, kuma ana so likitan ido ya riƙa dubawa.

Jan tabon shi ne likitoci ke kira himanjiyoma, Turawa kuma suna kwatanta shi da 'ya'yan sitiroberi saboda ja ne mai gurji-gurji. Ƙananan hanyoyin jini ne suke tsirowa su cunkushe wuri ɗaya. Ba kansa ba ce, ba kuma wani abu uwa ta ci ko ta kalla ba. Ya fi fitowa a jikin 'ya'ya mata da bakwaini. A fatarmu ba lallai ya yi ja wur irin na hotunan intanet ba, yana iya yin ja mai duhu ko ruwan goro. In kuma a can ƙasan fata yake, sai ya zama kumburi mai laushi, shuɗi-shuɗi. A nan ake rikita shi da na farko, kuma yatsa ne ke raba gardama: wancan a shafe, wannan da tudu, yana kuma ƙaruwa.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne lokacinsa. Yana bayyana a makonnin farko, sai ya kama girma da sauri, mafi sauri wajen sati biyar zuwa takwas. Kafin wata uku ya yi mafi yawan girman da zai yi, wajen wata biyar yawancinsu sun tsaya. Bayan shekara ɗaya sai ya fara yin fari-fari daga tsakiya yana saɓewa, a hankali cikin shekaru. Don haka masu cewa zai tafi da kansa ba ƙarya suka yi ba, yawanci haka ne. Tambayar ita ce, kafin ya tafi me zai taɓa? Ku lura, lokacin da ya fi gudu shi ne daidai ƙarshen arba'in, mai jego tana gida, kowa yana cewa a bari a gama wanka tukuna. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idar da ta fitar a 2019, cewa ta yi mai haɗari a kai shi wajen ƙwararre tun jariri yana da kamar wata ɗaya.

Wanne ne mai haɗarin? Wurin da ya zauna shi ne kan gaba. A fatar ido, yana iya rufe idon ko ya danne shi, kuma idon da bai samu gani ba a watannin farko ƙwaƙwalwa tana iya daina aiki da shi ko da daga baya tabon ya tafi. A kan hanci ko leɓe yana iya ɓata siffa, na leɓe ya hana kama nono. A haɓa da wuya, wato inda gemu ke fitowa, wani lokaci akwai ɗan'uwansa a cikin maƙogwaro. In numfashi ya fara ƙara ko kuka ya dishe, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. A wurin kunzugu ko maƙurar fata yana yawan fashewa ya zama gyambo mai zafi. Sai wanda ya wuce santimita 5 a fuska, kusan tsawon kwalin ashana, da wanda ke tsakiyar ƙasan baya kan ƙashin gadon baya, waɗannan akan yi hoto a duba abin da ke ƙarƙashinsu. In sun kai biyar a jiki ko da ƙanana ne, akan yi sikanin na hanta. Ɗan ƙarami ɗaya a ciki ko a cinya kuwa, kallo kawai ake yi.

Mu abin da ya taimake mu hoto ne. Duk Juma'a ina ɗaukar idon da waya, a haske iri ɗaya, da rula a gefe. A sati na uku kamar ƙwayar gero yake, a na shida ya kai ƙwayar wake, fatar idon ta fara sauka. Ranar rigakafin sati shida a ƙaramin asibitin unguwa nan Tarauni muka nuna wa nas hotunan, ta rubuta mana takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. Likitan yara ya auna nauyinta, ya saurari zuciya da ƙirji, likitan ido ma ya duba, sannan aka ɗora ta kan furofuranolol. Tsohon maganin zuciya da hawan jini ne, a 2008 likitoci a birnin Bodo na Faransa suka ba da rahoton yana sa irin wannan tabon ya saɓe.

Don Allah kada wani ya ji sunan ya wuce kemis. Da nauyin jariri ake lissafa shi, yana rage bugun zuciya, yana iya saukar da sukarin jini, shi ya sa ake bayarwa tare da shayarwa, a dakatar in yaro ba ya cin abinci ko yana amai ko numfashinsa na shaƙewa. Kuma kada a kai wa wanzami ya tsaga ko a yi sakiya. Dunƙulen hanyoyin jini ne, jini zai zuba, ga gyambo ga tabon dindindin.

Akwai wani jan da ba ya cikin wannan lissafi: wanda aka haifi yaro da shi, a shafe, ja mai duhu, yawanci a gefe ɗaya na fuska. Shi ba ya tafiya, in kuma ya taɓa goshi ko fatar ido, a duba idon da wuri saboda hawan jinin ido, a kuma sa lura ko yaron yana jijjiga.

'Yar tamu yanzu watanta tara, idon a buɗe, tana kan maganin har sai likita ya ce a tsaya. Shuɗin bayan kuma yana nan, ya ɗan dushe. Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.