Daga Littafin Uwar Adashi Zuwa Lissafin Kowace Mai Zubi

Uwar adashi ba don wani ya karanta take rubuta littafinta ba. Don kanta take rubutawa, domin ta tuna wa ta kawo, wa ta ce sai da yamma. Shi ya sa ranar da ta ɗauki hoton shafin da waya ta tura wa ɗanta ko ƙanwarta, ta ce a fitar mata da lissafin kowa, aikin yakan fi yadda aka zata wuya. Rabin bayanin yana kan takarda, rabin yana cikin kanta.

Mu ɗauki misali. Mata goma ne ke adashi a wata unguwa, takwas suna da hannu ɗai-ɗai, biyu suna da hannu bibbiyu, hannu goma sha biyu ke nan. Kowane hannu yana zuba naira 5,000 duk Juma'a, don haka kwasa ɗaya naira 60,000 ce, kuma zagayen zai ɗauki mako 12. An kai ƙarshen mako na bakwai aka turo hoton.

Kafin a kwafi komai, a fara duba hoton kansa. Kusurwoyin shafin huɗu su fito, domin a gefen takarda ne uwar adashi ke rubuta abin da ya fi muhimmanci. A danne littafin ya kwanta sosai, saboda wajen ɗinki takarda kan lanƙwashe, sai layin mutum ya karkata ya shiga na maƙwabciyarta. WhatsApp kuma yana rage ingancin hoto, har 1 da 7 su rikice wa mai karatu. In an tura shi a matsayin `Document` yakan iso yadda aka ɗauke shi.

Sai a zana jadawali, a takarda ko a Excel, mai kama da shafin sak: sunaye a jere kamar yadda suke a littafin, kowane mako da gurbinsa. Kada a sake tsarin sunayen, kada a gyara komai a wannan matakin. Inda ba a gane rubutu ba, a sa alamar tambaya a wuce. Ni a ganina cike gurbi da zato ya fi barinsa wayam haɗari, don gurbin da aka bari yana kiran ido, shi kuwa zato yana sajewa da gaskiya. Mai aiki da Excel ya rubuta 5000 zalla. In ya rubuta `5k`, lissafi irin `=SUM(C2:C11)` zai tsallake gurbin shiru, don ya ɗauke shi a matsayin rubutu.

Adashi yana da wani alheri ga mai lissafi: an san amsar tun kafin a fara. Kowane mako dole ya ba da 60,000, mako bakwai kuma 420,000, kuma mutum bakwai sun kwashi daidai wannan kuɗin. A misalinmu, da aka tara abin da aka kwafa, sai aka samu 405,000. Naira 15,000 sun yi ɓatan dabo. Ba a fara neman su ta kan mutane, ta kan makonni ake bi. Da aka tara kowane mako shi kaɗai, sai ga na uku da na shida da na bakwai kowanne ya tsaya a 55,000. Giɓin iri ɗaya ne a ido, amma dalilansa uku ne daban.

Na mako na uku kuskuren mai kwafa ne. Mai ƙosai tana da hannu biyu, a wannan makon uwar adashi ta yi mata alama ɗaya ta ɗora ƙaramin 2 a kai, shi kuma ya rubuta 5,000 maimakon 10,000.

Na mako na bakwai al'ada ce da kowace 'yar adashi ta sani. Wadda kwasa ta zo kanta ba ta kawo zubinta ba, an cire shi ne daga cikin kuɗin aka miƙa mata 55,000. Gurbinta a littafi babu komai, amma ba a bin ta ko kwabo. Yadda ya dace a rubuta shi ne ta zuba 5,000, ta kwashi 60,000. In aka rubuta kwasar cikakkiya aka bar zubin wayam, an ɗora mata bashin da ba ta ci ba.

Na mako na shida shi ne na gaske. Matar tela ba ta kawo ba, uwar adashi ta cike daga aljihunta don kada mai kwasa ta tafi da kuɗi a gutsure, ta rubuta hakan a can gefen shafi, inda hoton farko ya yanke. Sai da aka sake ɗaukar hoto aka gani. Yanzu lissafi ya tashi: 415,000 daga mata, 5,000 daga uwar adashi, jimilla 420,000. Waɗannan 5,000 ɗin ba za a rubuta su a layin matar tela kamar ita ta biya ba. A buɗe musu layi dabam, domin bashi ne tsakaninta da uwar adashi, kuma irinsa ne ke ɓacewa har a zo ana rantse-rantse.

Daga nan ne ake fitar da matsayin kowa. Jimillar abin da mutum ya zuba kaɗai ba ta faɗin komai. Mata biyu duk sun zuba 35,000. Ɗaya ba ta kwasa ba tukuna, ita ke bin ƙungiya 35,000. Ɗayar ta kwasa tun mako na biyu, ita ake bi 25,000, wato zubin mako biyar da suka rage, amma ba ta makara ko sau ɗaya ba. Matar tela, wadda ta kwasa a mako na huɗu, ta zuba 30,000, saura 30,000 a kanta: 25,000 lokacinsu bai yi ba, 5,000 kuwa sun wuce lokaci. Wajibi ne a raba waɗannan biyun a gurbi daban-daban, in ba haka ba za a kunyata mai cika alƙawari a gaban jama'a, a ce ana bin ta bashi. Mai ƙosai ta zuba 70,000, ta kwashi hannu ɗaya, tana gaba da 10,000. Za ta ƙara 50,000 ta sake kwasar 60,000.

Akwai kuskuren da tara makonni ba ya kamawa. Idan ido ya zame aka sa zubin wata a layin ta ƙasa da ita, jimillar makon ba za ta canja ba, alhali an zalunci ɗaya an yafe wa ɗaya. Wannan ya fi faruwa ga mata masu suna ɗaya, ko wadda littafi ya kira da laƙabi amma kuɗinta ya shigo banki da sunan mijinta. Maganinsa a karanta wa uwar adashi layi-layi da babbar murya tana riƙe da littafin, sannan a sanar da kowace mace nata lissafin ita kaɗai ta tabbatar.

Masu yin wannan aiki a Maraɗi ko Damagaram suna da ƙarin tambaya guda kafin su taɓa alƙalami. A can baki yana ƙirga kuɗi da dala, kowace dala kuwa sefa biyar ce, don haka 200 a littafi yana iya zama sefa 200, yana iya zama sefa 1,000. A tambayi mai littafin da wanne ta rubuta, a sa amsar a saman jadawalin.