Lamba Ɗaya da Ke Hana Manhaja Tsayawa

Wanda ke neman kalmar "tsuntsu" a ƙamus ba ya farawa daga shafin farko. Yana buɗe tsakiya, ya ga ya faɗo a kan kalmomin "m", ya san abin da yake nema yana gaba, sai ya ƙyale duk shafukan baya. A abin da ya rage ya sake buɗe tsakiya. Da irin wannan dabara kwamfuta ke neman abu a cikin jerin da aka riga aka tsara daga ƙarami zuwa babba, ana kiranta neman rabi-da-rabi. Saurinta ya isa: a jerin lambobi miliyan ɗaya, dubawa 20 ta wadatar, domin kowane dubawa yana zubar da rabin abin da ya saura.

Sauƙin bayaninta shi ne tarkonta. Jon Bentley, a littafinsa Programming Pearls na 1986, ya ba da labarin yadda ya sa ƙwararrun masu rubuta manhaja su rubuta wannan nema, aka samu kuskure a aikin kusan tara daga cikin kowane goma. Ɗaya daga cikin kurakuran da ake yawan yi a nan yana da wani hali na musamman: muddin abin da ake nema yana cikin jerin, komai na tafiya daidai, ranar da aka nemi abin da babu, manhajar ta shiga zagaye ba fita.

Ga yadda take a harshen Python. Sunayen `kasa` da `sama` su ne iyakoki biyu na yankin da ake sa ran abin yana ciki, `tsaka` kuma gurbin da ke tsakaninsu.

```python
def nema(jeri, abu):
    kasa, sama = 0, len(jeri) - 1
    while kasa <= sama:
        tsaka = (kasa + sama) // 2
        if jeri[tsaka] == abu:
            return tsaka
        if jeri[tsaka] < abu:
            kasa = tsaka + 1
        else:
            sama = tsaka
    return -1
```

Ma'anarsa ita ce: a ci gaba da nema muddin `kasa` bai wuce `sama` ba. In an dace da abin a tsakiya, a faɗi gurbinsa. In na tsakiya ya yi ƙanƙanta, a matso da iyakar ƙasa. In ya yi girma, a sauko da iyakar sama. In iyakokin suka ƙetare juna, a mayar da `-1`, wato babu.

Mu gwada da lambobin rasit guda bakwai: 3, 8, 15, 21, 30, 42, 57. Kwamfuta daga sifili take ƙirga gurbi, saboda haka 3 na gurbi na 0, 57 kuma na gurbi na 6. Wani ya zo da rasit mai lamba 25, wadda ba ta cikin jerin.

A zagayen farko iyakokin su ne 0 da 6, tsakiya 3, inda 21 take. Ta gaza 25, sai iyakar ƙasa ta koma 4. A zagaye na biyu tsakiyar 4 da 6 ita ce 5, inda 42 take. Ta fi 25, sai iyakar sama ta sauko 5. A na uku, 4 da 5 sun ba da tara, rabinsa huɗu da rabi, amma alamar `//` tana yar da guntun, tsakiya ta zama 4. A nan 30 ce, ta fi 25, iyakar sama ta zama 4.

Yanzu iyakokin biyu suna kan gurbi ɗaya. Sharaɗin zagayen bai karye ba, tunda 4 daidai take da 4. Tsakiya 4 ce, 30 ta fi 25, sai a ce iyakar sama ta koma tsakiya, wato 4, inda take tun da. Babu abin da ya motsa. Zagaye na biyar zai tarar da abin da na huɗu ya tarar, haka na dubu, haka na miliyan. Manhajar ta duba gurbi na 4, ta tabbatar ba shi ba ne, amma ta ƙi fitar da shi daga yankin nema.

Gyaran bai wuce ƙara abu ɗaya ba:

```python
sama = tsaka - 1
```

Da wannan, bayan an ga 42 iyakar sama za ta sauko 4 kai tsaye. A zagaye na uku a ga 30, iyakar sama ta koma 3 alhali ta ƙasa tana 4. Sun ƙetare juna, zagayen ya ƙare, aka samu `-1`. Dalilin cire ɗayan a bayyane yake: gurbin tsakiya an riga an duba shi, ba shi da sauran hurumi a cikin yankin. Mai rubutun ya tuna da haka a ɓangaren ƙasa, shi ya sa ya rubuta `tsaka + 1`, ya manta a ɓangaren sama.

Me ya sa kuskuren ke tsallake gwaji? Domin idan lambar tana cikin jerin, yankin yana ta tsukewa har ya rage gurbi ɗaya, kuma wannan gurbin nata ne, sai a same ta a fita. Duk lambobin bakwai za a gano su lafiya. Abin da ya ƙara ɓoye shi, mai gwaji da ya so ganin abin da zai faru da lambar da babu yakan rubuta wata babba, kamar 999. Ita kuwa ta fi kowace lamba a jerin, don haka iyakar ƙasa ce kaɗai ke motsi, ta bi layin da ba shi da aibu har ta wuce 6, a samu amsar "babu" daidai. Lambar da ke kama manhajar ita ce wadda babu ita kuma ba ta kai 57 ba: 25, ko 10, ko 1.

Alamarsa ita ce shiru. Ba saƙon kuskure, ba faɗuwa. Allo ya tsaya cak, kwamfuta na ta aiki, wani lokaci har fankarta ta ɗaga murya. Danna `Ctrl+C` yana katse ta, Python ya nuna `KeyboardInterrupt` tare da layin da ta tsaya, wanda zai kasance a cikin zagayen. Don tabbatarwa, a sa `print(kasa, sama, tsaka)` bayan layin da ke lissafin tsakiya. In aka ga `4 4 4` na ta sauka a allo, an kama ɓarawo.

Sai dai a kiyaye, layin `sama = tsaka` ba kullum ne yake laifi ba. Akwai wani salon rubutun da iyakar sama ke farawa daga `len(jeri)`, gurbin da ke bayan na ƙarshe, sharaɗin kuma ya zama `kasa < sama`. A can iyakar sama tana wajen yankin, don haka ɗora ta a kan tsakiya ya riga ya fitar da tsakiyar, kuma zagayen na tsayawa da zarar iyakokin sun haɗu. A wannan salon aka rubuta `bisect` da ke zuwa tare da Python. Kowane salo daidai ne a karan kansa. Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗauki sharaɗi daga wannan, aka ɗauki matsar da iyaka daga wancan, kamar a ɗinka riga da awon mutum biyu.

Tambaya ɗaya ke tsare mai rubutu daga wannan rami: a kowane zagaye, ko wane reshe aka bi, yankin ya ragu da aƙalla gurbi ɗaya? Wurin amsa ta shi ne lokacin da yankin ya rage gurbi biyu, sannan gurbi ɗaya, domin a nan ne matsar da iyaka ke iya zama tsayuwa wuri guda. Gwaji ma a can ya kamata ya tsananta. A ba manhajar jerin da babu komai, da mai lamba ɗaya, da mai biyu. A kowanne a nemi lambar da ta gaza ta farko, da wadda ta faɗa tsakanin biyu, da wadda ta zarce ta ƙarshe. Jerin da 30 kaɗai ke ciki, a nemi 25, ya isa ya tona wannan kuskure tun a kan teburin mai rubutu, kafin wani ya tsaya a gaban kanta riƙe da rasit yana jiran amsa.